Yadda ake gane nufin mai jadawali idan kwanan wata ya cakuɗe tsakanin rana a farko da wata a farko

A Najeriya mun saba fara rubuta rana, sannan wata, sannan shekara, ta yadda 04/03/2025 yake nufin 4 ga Maris. A Amurka kuwa wata ake fara rubutawa, don haka rubutun nan guda 3 ga Afrilu yake nufi. Da yawa daga kwamfutocin da ake saye a kasuwanninmu, musamman na hannu, suna zuwa da saitin Amurka, kuma ba kowa ne yake canza shi ba. Wannan ne ya sa ma'aikacin da aka turo wa jadawalin ciniki ko na albashi yakan tarar da tsari biyu a jeri guda, kuma dole ya yanke hukunci a kan abin da mai jadawalin ya nufa kafin ya fitar da lissafin wata.

Ra'ayina a kan wannan aiki shi ne, hukuncin ba na jadawali gaba ɗaya ba ne. Layi-layi ake yin sa, da hujjar da ke cikin jadawalin kansa, kuma layin da hujja ba ta kai gare shi ba a mayar wa mai shi da tambaya. Zan bi matakan da misali guda: jadawalin wani shagon taki da ke kusa da kasuwar Farin Gada a Jos, wanda ya ƙunshi cinikin Fabrairu zuwa Afrilu na 2025, aka kuma ɗora shi a ƙarshen Afrilu domin a fitar da cinikin kowane wata.

Girman matsalar

Wata bai wuce 12 ba, saboda haka duk kwanan da ɗaya daga lambobinsa biyu na farko ya haura 12 ya bayyana kansa. Idan an ga 14/03/2025 an san rana ce a farko, idan an ga 03/27/2025 an san wata ne a farko. A shekara mai kwana 365, kwana 221 suna cikin wannan rukuni mai sauƙi. Sauran 144 su ne ranakun 1 zuwa 12 na kowane wata, kuma 12 daga cikinsu, irin su 03/03 da 07/07, ko ta ina aka karanta su abu ɗaya suke bayarwa. Kwana 132 ne suka rage, kuma a kansu duk wahalar take. Wato fiye da kashi ɗaya bisa uku na shekara ana iya karanta shi ta fuska biyu, kuma kowace fuska kwana ce ta gaskiya da ke cikin kalanda, shi ya sa manhaja ba ta nuna alamar kuskure.

Mataki na farko: kada a bar manhaja ta fassara kwanan

Kafin komai a ajiye kwafin fayil ɗin da aka turo a wani wuri, kada a taɓa shi. Idan fayil ɗin CSV ne, kada a buɗe shi ta hanyar danna shi sau biyu, domin Excel zai karanta kwanakin bisa saitin yankin kwamfutar da ake aiki da ita, ba tare da ya tambayi kowa ba. A kwamfuta mai saitin Amurka zai mai da 04/03/2025 ya zama 3 ga Afrilu, ya bar 14/03/2025 a matsayin rubutu kawai tunda babu wata na 14.

Dalilin da ya sa wannan yake da haɗari shi ne, Excel ba ya ajiye kwanan wata kamar yadda ido yake ganin sa. Lamba yake ajiyewa, wadda take ƙirga kwanaki tun daga farkon 1900. 4 ga Maris na 2025 shi ne 45720, 3 ga Afrilu kuma 45750. Da zarar ya ajiye 45750, canza yadda akwatin yake bayyana ta Format Cells ba zai dawo da 45720 ba, sai dai ya sake wa kuskuren kama. Mutane da dama suna tsayawa a nan, suna zaɓar dd/mm/yyyy, suna ɗauka sun gyara.

Hanyar da ta dace ita ce a fara leƙa fayil ɗin da Notepad domin a ga ainihin abin da aka rubuta. Sannan a buɗe sabon fayil na Excel, a shiga Data, a zaɓi From Text/CSV, a wurin Data Type Detection kuma a zaɓi Do not detect data types. A Google Sheets, yayin shigo da fayil ta File da Import, a cire alamar da ke kan Convert text to numbers, dates, and formulas. Ta haka kwanakin za su shigo a matsayin rubutu, kamar yadda mai su ya bar su. Ga wani yanki na abin da ya fito daga jadawalin shagon, lambar rasit a jerin A, kwanan wata a jerin B:

```
0412  28/02/2025
0413  03/03/2025
0414  04/03/2025
0415  06/03/2025
0416  11/03/2025
0417  14/03/2025
0431  03/27/2025
0432  04/03/2025
0433  04/05/2025
0434  04/15/2025
      02/04/2025
```

A lura da rasit 0414 da 0432. Rubutunsu iri ɗaya ne harafi da harafi, amma za mu ga cewa kwana talatin ne tsakaninsu.

Mataki na biyu: a raba lambobin, a ware tabbas daga shakka

A kwafe jerin A da B zuwa sabon shafi, a sake kwafe B zuwa C, sannan a yi amfani da Text to Columns da ke ƙarƙashin Data, a zaɓi Delimited, a sa alamar / a wurin Other. Lambar farko za ta zauna a C, ta biyu a D, shekara a E. Na fi son wannan hanya a kan yanka rubutu da ƙidayar haruffa, saboda tana aiki ko an rubuta 04/03/2025 ko an rubuta 4/3/2025. A Google Sheets, fomular `=SPLIT(B2,"/")` tana yin aikin nan. Daga nan a sa wannan a F2, a ja shi ƙasa:

```
=IF(C2>12,"RANA",IF(D2>12,"WATA",IF(C2=D2,"DAIDAI","SHAKKA")))
```

A misalinmu, 0412 da 0417 za su nuna RANA, 0431 da 0434 za su nuna WATA, 0413 zai nuna DAIDAI, sauran kuma SHAKKA. Sannan a fitar da fassarori biyu gefe da gefe, ta rana a farko a G2, ta wata a farko a H2:

```
=IF(D2>12,"",DATE(E2,D2,C2))
=IF(C2>12,"",DATE(E2,C2,D2))
```

Sharaɗin da ke farkon kowace fomula yana da dalili. DATE ba ya ƙin karɓar wata na 27. Idan aka ba shi 03/27/2025 a matsayin rana a farko, zai ƙirga watannin su zarce zuwa gaba, ya fitar da 3 ga Maris na 2027 ba tare da ya yi ƙorafi ba. Haka nan idan shekarar lamba biyu ce kawai, kamar 25, Excel zai ɗauke ta 1925, don haka sai a ƙara mata 2000 tukuna. A ƙarshe a sa wa G da H siffar `ddd dd-mmm-yyyy` ta Format Cells da Custom, domin sunan wata da ranar mako su fito fili. Ido ba ya rikicewa da Mar da Apr kamar yadda yake rikicewa da 03 da 04.

Mataki na uku: a duba inda RANA da WATA suka zauna

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma ba ya bukatar fomula. A bar jadawalin a jerinsa na asali, kada a sake tsara shi bisa kwanan wata, domin jerin asali shi kansa shaida ne. A bi jerin F daga sama zuwa ƙasa, a ga yadda layukan tabbas suka rabu.

Abu uku ne ke iya fitowa. Idan duk layukan tabbas RANA ne, babu WATA ko ɗaya, kuma suna da yawa, sun warwatsu daga farkon jadawalin zuwa ƙarshensa, to mai shi tsari ɗaya ya bi, kuma ana iya karanta layukan shakka da rana a farko. Idan RANA sun taru a wani yanki, WATA sun taru a wani, to hannu biyu ne ko kwamfuta biyu, kuma aikin da ya rage shi ne gano iyakar da ke tsakaninsu. Idan kuwa sun shiga juna ba tare da tsari ba, to wataƙila an haɗa jadawalin daga wurare da yawa, sai a nemi wani jeri da ke nuna wanda ya shigar da layin, ko reshe, ko irin rasit, a rarraba bisa shi.

Jadawalin shagon takin yana cikin hali na biyu. Daga farko har rasit na kusa da 0430 duk tabbas ɗin RANA ne, daga 0431 zuwa ƙasa kuma WATA ne. Sauran jerin ma sukan nuna canjin hannu a daidai wurin: wanda ya rubuta na sama yana sa sunan taki da manyan haruffa yana kuma raba dubbai da waƙafi, na ƙasa kuwa ba ya yin haka. Irin waɗannan ƙananan alamomi suna ƙarfafa zaton cewa a nan aka canza hannu.

Akwai kuskuren da nake so a guje wa a nan, wato bin rinjaye. Mutum yakan ƙirga ya ga RANA sun fi WATA yawa, sai ya ce duk layukan shakka rana ce a farko. Yawan layukan da ɗan mai shago ya shigar a Maris ba ya faɗin komai game da abin da yaron shago ya nufa a Afrilu. Da an bi rinjaye, rasit 0432 zai koma Maris, 0433 kuma ya tafi Mayu, cinikin wata biyu ya lalace ke nan.

Mataki na huɗu: a gwada kowane layin shakka da maƙwabtansa

Hujja mafi ƙarfi ita ce lambar da ke tafiya a jere tare da lokaci, kamar lambar rasit, lambar takardar biya ko ragowar kaya a sito. Rasit 0414, 0415 da 0416 suna tsakanin 0413 na 3 ga Maris da 0417 na 14 ga Maris. Idan aka karanta su da rana a farko, sun zama 4, 6 da 11 ga Maris, sun shiga tsakanin iyakokin biyu daidai. Idan aka karanta su da wata a farko, sun zama 3 ga Afrilu, 3 ga Yuni da 3 ga Nuwamba, wato shagon ya yanka rasit uku a jere cikin wata takwas, kullum a ranar 3 ga wata, sannan ya dawo Maris. Wannan ba zai yiwu ba. Maimaituwar rana guda a watanni daban-daban alama ce da ya kamata a riƙe, domin kusan kullum tana nuna cewa lambar wata ce ta zauna a gurbin rana.

Rasit 0432 yana tsakanin 27 ga Maris da 15 ga Afrilu. Karatun rana a farko zai mai da shi 4 ga Maris, wato baya da rasit ɗin da ya gabace shi da fiye da mako uku. Karatun wata a farko ya ba da 3 ga Afrilu, wanda ya dace. Ga yadda rubutu ɗaya ya zama kwana biyu daban a jadawali guda.

Hujja ta biyu ita ce ranar da aka turo fayil ɗin. Ba a yanka rasit na cinikin da bai faru ba, don haka duk fassarar da ta wuce ƙarshen Afrilu ta faɗi. Wannan kaɗai ya kawar da 3 ga Yuni da 3 ga Nuwamba, ya kuma kawar da 4 ga Mayu a rasit 0433. Amma a yi hattara da irin jerin da ake dubawa, domin ranar ƙarewar magani ko ranar biyan bashi suna iya kasancewa a gaba, kuma wannan gwaji ba ya aiki a kansu.

Hujja ta uku ita ce ranar mako. 04/05/2025 ko dai Asabar 5 ga Afrilu ne, ko Lahadi 4 ga Mayu. Idan shagon ba ya buɗewa ranar Lahadi, wannan ya ƙara wa fassarar Afrilu nauyi. Ga jadawalin ofishin gwamnati, ranakun hutu ma suna taimakawa, kamar 1 ga Oktoba da 12 ga Yuni. Sai dai ni ba na dogara da ranar mako ita kaɗai, saboda a lokacin da damina ta kusa, mai shagon taki yana iya buɗewa don wani babban mai saye a ranar da bai saba ba. Na fi ɗaukar ta a matsayin mai goyon bayan wata hujjar.

Duk hukuncin da aka yanke a rubuta shi a jerin I, RANA ko WATA, a kuma rubuta dalilinsa a taƙaice a wani jeri na gefe, misali "tsakanin 0413 da 0417". Wanda zai duba aikin bayan wata shida zai bukaci wannan dalilin.

Layin da ba shi da hujja

Layi na ƙarshe a misalinmu, 02/04/2025, ba shi da lambar rasit, kuma an ƙara shi ne a ƙasan jadawalin daga baya. Yana iya zama Laraba 2 ga Afrilu, yana iya zama Talata 4 ga Fabrairu. Duka biyun ranakun aiki ne, duka suna cikin watannin da jadawalin ya ƙunsa, duka sun gabaci ranar turowa. Zamansa a ƙarƙashin layukan WATA ba hujja ba ce, tunda ba mu san wanda ya ƙara shi ba. A nan babu fomular da za ta taimaka, sai tambaya.

Yadda ake tambayar ma yana da tasiri. Idan aka ce wa mai shago, "Wane tsarin kwanan wata kuke bi?", zai ce rana a farko, kuma gaskiya ya faɗa game da kansa, amma ba lallai shi ya shigar da layin ba. Gara a ambaci cinikin da sunayen watanni: "Ranka ya daɗe Alhaji, buhu ashirin ɗin nan da aka rubuta a ƙarshe ba rasit, 2 ga Afrilu aka sayar ko 4 ga Fabrairu? Ko za a duba mana a littafin shago ko saƙon banki?" Saƙon shigar kuɗi da ke cikin waya da kwafin rasit na takarda sun fi tunanin mutum inganci. A tara irin waɗannan layukan a tura su lokaci guda, kuma kafin amsa ta zo a bar su babu kwana, a nuna jimillar kuɗinsu daban a rahoton, tare da bayanin cewa ba a sa su a kowane wata ba tukuna.

Jerin ranar haihuwa, kamar na rajistar ɗalibai ko ma'aikata, ya fi wannan wuya, domin ba ya bin wani jeri na lokaci, kuma ranar mako ba ta da amfani a cikinsa. Idan irin wannan jeri ya cakuɗe kuma ba a iya ware hannun da ya shigar da kowane yanki ba, duk layukan shakka sai an koma kan takardun asali.

Idan fayil ɗin Excel ne, kuma an riga an fassara kwanakin

Sau da yawa abin da ake ɗorawa fayil ne na xlsx wanda wani ya riga ya buɗe a kwamfuta mai saitin Amurka ya adana. Wannan hali ya fi yaudara. Idan aka buɗe shi a kwamfuta mai rana a farko, rasit 0414 zai bayyana a matsayin 03/04/2025, kusa da 14/03/2025 wanda ya tsaya a rubutu, sai jerin ya yi kama da mai tsari ɗaya alhali an juya wasu.

Ana gane shi ta hanyar cewa wasu kwanakin sun jingina dama, wasu hagu, idan ba a taɓa daidaita jerin da hannu ba. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne `=ISNUMBER(B2)`, wanda zai ba da TRUE ga kwanan da aka fassara, FALSE ga wanda ya tsaya a rubutu. Idan duk na rubutu suna farawa da lamba sama da 12, kuma duk waɗanda aka fassara `=DAY(B2)` ɗinsu bai wuce 12 ba, to mai jadawalin rana a farko ya rubuta, kwamfuta ce ta juya masa. Gyaran waɗanda aka juya shi ne:

```
=DATE(YEAR(B2),DAY(B2),MONTH(B2))
```

Na rubutun kuma a mai da su kwana ta Text to Columns, a zaɓi Date da DMY a mataki na uku. Amma idan an sami ko da kwana ɗaya da aka fassara wanda ranarsa ta haura 12, kamar 27 ga Maris a rasit 0431, to akwai layukan da suka shiga daidai tun farko, kuma juya dukkan jerin zai lalata su. A irin wannan hali sai a koma kan mataki na uku da na huɗu, a yi amfani da fomular juyawa a kan layukan da hujja ta nuna an juya kaɗai. Idan akwai hali, a roƙi mai fayil ɗin ya turo CSV na asali, domin ya fi sauƙin aiki.

Haɗa jerin ƙarshe da tantance shi

Bayan an cika jerin I, tare da sa RANA ga layukan DAIDAI, sai a fitar da kwanan ƙarshe a J2:

```
=IF(I2="RANA",G2,IF(I2="WATA",H2,""))
```

A sa wa jerin J siffar `yyyy-mm-dd`, wadda ita ce ta ma'aunin ISO 8601, ta yadda 4 ga Maris zai fito 2025-03-04. Shekara tana gaba, wata na biye, rana a ƙarshe, kuma Excel da Google Sheets suna karanta wannan tsari daidai ko da saitin kwamfuta na Amurka ne ko na Najeriya. Kada a goge jerin B, a bar rubutun asali kusa da gyaran.

Tantancewa uku suka rage. A duba mafi ƙanƙanta da mafi girman kwana da MIN da MAX, a tabbatar sun faɗa tsakanin Fabrairu da Afrilu. A duba cewa kowane kwana bai gaza na rasit ɗin da ke samansa ba, da fomula irin `=J3>=J2`, a binciki duk inda FALSE ya fito, domin ko dai hukuncin ne bai yi daidai ba, ko an yanka rasit ɗin a makare. Sannan a haɗa cinikin watanni uku da jimillar layukan da aka bari babu kwana, a ga ya yi daidai da jimillar jadawalin asali. Idan mai shagon zai ci gaba da amfani da kwamfutar da ta jawo matsalar, a shiga saitin Region na Windows a mai da Regional format zuwa English (Nigeria) ko English (United Kingdom), a Google Sheets kuma a canza Locale ta File da Settings. Wannan canji yana gyara abin da za a shigar nan gaba ne kawai, layukan da aka riga aka adana a juye suna nan yadda suke har sai an bi su da matakan da ke sama.